Me ya sa turjiyar shiga ta amfilifaya marar juyi ba ta da iyaka, kuma ina amfanin mabiyin boltej?

Tambaya: "Malam, an koya mana cewa ninkin amfilifaya marar juyi shi ne 1 + R2/R1, kuma turjiyar shigarta ba ta da iyaka idan opam ɗin cikakke ne. To ga R1 nan ta tafi giraun, karant yana bi ta cikinta, ta yaya za a ce ba a jan karant? A amfilifaya mai juyi ai R1 ce turjiyar shiga. Sannan mabiyin boltej da ninkinsa 1 ne, me ya fi guntuwar waya da shi?"

Ƙanena, tabbas karant yana bi ta R1, ba ka ga ba daidai ba. Abin tambaya shi ne wa yake biyan wannan karant ɗin. A amfilifaya marar juyi mafitar opam ce take biya, daga wutar da aka ciyar da aisin da ita. Tushen sigina ba ya biyan ko anini. Idan wannan ya zauna maka, tambayoyinka biyu duk sun warware, domin mabiyin boltej ma wannan da'irar ce aka rage mata kaya.

Bari mu kafa da'irar da lambobin ƙafafun opam 741, tunda shi ne aka fi samu a ɗakin gwaji, ko da yake tsoho ne, tun 1968 kamfanin Fairchild ya fito da shi. Sigina yana shiga ƙafa ta 3, wato ƙafar (+), shi kaɗai, babu abin da aka haɗa shi da shi. R2 ta taso daga mafita, ƙafa ta 6, ta dawo ƙafa ta 2, wato ƙafar (−). R1 kuma ta tashi daga ƙafa ta 2 ta sauka giraun. Ƙafa ta 7 da ta 4 su ne na ciyarwa, mu ce +12 V da −12 V.

Cikakken opam yana da halaye biyu da suka shafe mu a nan. Na farko, karant ba ya shiga ƙafa ta 2 ko ta 3, ko ɗigo. Na biyu, ninkinsa na kansa, kafin a ɗaura masa rizisto, wanda za mu kira A, ba shi da iyaka. Hali na biyun nan shi ne yake haifar da abin da ɗalibai suke haddacewa, cewa boltej ɗin ƙafa ta 2 daidai yake da na ƙafa ta 3. Amma ka lura, wannan daidaito sakamako ne, kuma yana da sharaɗi. Mafita tana ba da A sau bambancin ƙafafun biyu. Idan A ba shi da iyaka, mafita kuma ta tsaya a wani boltej mai iyaka, to dole bambancin ya zama sifili. Abin da yake sa mafita ta tsaya a tsaka-tsaki kuwa shi ne R2 da take mayar da wani kaso na mafita zuwa ƙafar (−). Idan ƙafa ta 3 ta ɗan fi ta 2, mafita ta hau, ta ja ƙafa ta 2 sama har ta cim ma ta 3. Idan ta 2 ta wuce, mafita ta sauko. Cire R2, ko ka kai ta ƙafa ta 3 bisa kuskure, daidaiton ya tafi.

Mu sa lambobi. Ɗauki wata sensa da take ba da 0.2 V, amma tana da turjiyar ciki ta 100 kΩ, wato tushe ne rarrauna. R1 ta zama 2 kΩ, R2 ta zama 18 kΩ. Tunda karant ba ya shiga ƙafa ta 3, babu karant a cikin 100 kΩ ɗin nan, saboda haka babu boltej da ya zube a kanta. Dukan 0.2 V ya iso ƙafa ta 3. Opam ya tilasta wa ƙafa ta 2 ta zauna a 0.2 V ita ma. Yanzu R1 tana da 0.2 V a kanta na sama, sifili a na ƙasa, don haka 0.1 mA yana bi ta cikinta zuwa giraun. Daga ina wannan 0.1 mA ya fito? Ba daga ƙafa ta 2 ba, mun ce ita ba ta ba da karant, ba ta karɓa. Hanya ɗaya ce ta rage, R2. Kenan 0.1 mA ɗin ya taso daga mafita, ya ratsa 18 kΩ, ya zubar da 1.8 V a can, sannan ya ratsa 2 kΩ. Mafita tana saman ƙafa ta 2 da 1.8 V, wato tana 2.0 V. An shigar da 0.2 V, an sami 2.0 V, ninki 10.

Idan ka maimaita wannan da haruffa maimakon lambobi, ga abin da za ka samu:

```
I    = Vin / R1
Vout = Vin + I × R2
Av   = Vout / Vin = 1 + R2/R1
```

Wannan 1 da ke gaba ba ado ba ne. Shi ne Vin ɗin da ya riga ya zauna a kan R1, wanda boltej ɗin R2 yake hawa a kansa. Shi ya sa ninkin wannan da'ira ba ya taɓa sauka ƙasa da 1, komai rizistocin da ka zaɓa, kuma ba ya zama da alamar ragi. Ni na fi son ɗalibi ya kalle ta ta baya: R2 da R1 marabar boltej ce da aka rataya a mafita, tana mayar da kashi ɗaya cikin goma. Opam yana ɗaga mafita har sai kashi ɗaya cikin goman nan ya yi daidai da abin da ya shigo. Wanda ya ga haka ba ya rikita R1 da R2 a jarrabawa.

To turjiyar shiga fa? Ma'anarta ita ce boltej ɗin da tushe ya ɗora a mashiga, a raba shi da karant ɗin da tushen ya bayar. Ba kowane karant da ke yawo a cikin da'ira ake ƙirgawa ba, sai wanda ya fito daga tushe. Ɗora yatsanka a kan zanen, ka bi wayar sigina daga sensa. Ta tafi ƙafa ta 3, ta tsaya. Ba ta taɓa R1 ba, ba ta taɓa R2 ba. Karant ɗin tushe sifili ne, kuma 0.2 V a raba da sifili shi ne abin da ake nufi da turjiya marar iyaka. Ƙafa ta 2 da ta 3 boltej ɗinsu ɗaya ne, amma babu waya a tsakaninsu. A nan ne da yawa suke zamewa: su ga boltej ɗaya, sai su ɗauka an haɗe ƙafafun, don haka R1 tana rataye a wuyan tushe. Ba a haɗe su ba. Opam ne yake kwaikwayon boltej ɗin ƙafa ta 3 a kan ƙafa ta 2, da ƙarfin kansa.

A amfilifaya mai juyi kuwa labarin daban ne, kuma abin da aka faɗa maka gaskiya ne. A can ƙafa ta 3 ce take giraun, sigina kuma yana shiga ta cikin R1 zuwa ƙafa ta 2 da take zaune a sifili. Tushe ne da kansa yake tura karant ta R1, don haka turjiyar shiga ita ce R1. Gwada sensarmu a kanta da rizistocin nan biyu. A takarda ninki −9 ne, kana jiran −1.8 V. Amma 100 kΩ ta cikin sensa ta jeru da 2 kΩ, sun zama 102 kΩ, ninki na gaskiya ya koma −18/102, mafita ta ba da kusan −0.035 V. Aisi ɗaya, rizistoci ɗaya, sensa ɗaya: nan 2.0 V, can milibolt 35. Bambancin duka ƙofar da sigina ya shiga ce.

Yanzu mabiyin boltej. Koma kan da'irarmu ta farko, ka maye gurbin R2 da waya, ka cire R1 gaba ɗaya. Mafita ta haɗu da ƙafa ta 2 kai tsaye. A lissafi R2 ta zama sifili, R1 ta zama marar iyaka, R2/R1 ya zama sifili, ninki ya rage 1. Ko ba lissafi ma: ƙafa ta 2 daidai take da ta 3, mafita kuma ita ce ƙafa ta 2, kenan mafita daidai take da mashiga. Akwai wani ɗan tarko da malamai suke son sakawa a jarrabawa. Su cire R1 amma su bar R2, su ce 47 kΩ, su tambayi ninki. Amsa 1 ce har yanzu. Babu hanyar da karant zai bi ta R2 tunda ƙarshenta ƙafa ta 2 ce kawai, kuma rizisto da babu karant a cikinta ba ta zubar da boltej.

Don haka idan opam cikakke ne, da'irorin biyu ba su bambanta a turjiyar shiga ba, duka marar iyaka ce, kuma turjiyar fitarsu duka sifili ce. Ninki kaɗai ya raba su. Wasu suna ɗauka mabiyi ne ke da turjiyar shiga mai girma, amfilifaya marar juyi kuma ta sadaukar da ita don ta sami ninki. A cikakken opam ba haka ba ne. Amfilifaya marar juyi tana ba ka duk abin da mabiyi yake bayarwa, ta ƙara maka ninki.

Me ya fi waya da shi? Mu koma kan sensarmu mai 0.2 V da 100 kΩ, mu ce abin da za ta ciyar, wato lodi, 10 kΩ ne. Haɗa su da waya. Turjiyar cikin sensa da lodin sun zama marabar boltej, lodi ya sami 0.2 × 10/110, kusan 0.018 V. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na siginar ya ƙare a cikin sensar kanta. Waya ba ta yi laifi ba, ita dai duk karant ɗin da lodi ya nema sai ta je ta karɓo shi daga wurin tushe, tushen kuma ba shi da shi. Sa mabiyi a tsakani. Sensa ba ta ba da karant, 0.2 V ɗinta ya tsaya cif, mafita ta ɗora 0.2 V a kan 10 kΩ, ta ba shi 20 µA daga wutar ciyarwa. Aikinsa irin na sanƙira ne a fada: sarki ya yi magana a hankali, sanƙira ya maimaita ta yadda take, bai ƙara kalma ba, amma da huhunsa ya kai ta bakin ƙofa. Ninkin boltej 1 ne, ninkin karant da na iko kuwa a cikakken opam ba su da iyaka, tunda ba a karɓi komai a mashiga ba. Masu gyara sun fi kiransa bafa, kuma za ka same shi a bayan duk tushen da ba ya jure lodi. Fitaccen misali shi ne sandar auna pH ta gilashi, wadda turjiyarta takan kai miliyoyin om masu yawa, har ɗaruruwa. Ko mitar hannu mai 10 MΩ ka ɗora mata kai tsaye, karatun ƙarya za ka samu.

Wurin da ya fi muhimmanci a aikace, a ganina, shi ne yadda mai haɗa da'ira yake kashe wannan turjiya marar iyaka da hannunsa. Sau da yawa sigina mai kai-komo ne, kamar na makirfo, sai a sa kafasito a gaban ƙafa ta 3 don tare boltej tsayayye. A takardar cikakken opam wannan ba matsala. A kan tebur kuwa matsala ce, domin opam na gaske yana da ɗan karant da dole ya bi ta ƙafafun shigarsa, a 741 wajen 80 nA. Kafasito ba ya barin karant tsayayye ya wuce, sai cajin ya yi ta taruwa a kansa, boltej ɗin ƙafa ta 3 ya yi ta gusawa, mafita ta bi shi har ta manne a gefe ɗaya na wutar ciyarwa. Alamar wannan cuta tana da ban dariya: da ka ɗora tsinken mita a ƙafa ta 3 sai da'ira ta farfaɗo, da ka ɗaga sai ta sake sulalewa. Turjiyar 10 MΩ ta mitar ce ta ba karant ɗin hanya zuwa giraun. Maganin shi ne a sa rizisto daga ƙafa ta 3 zuwa giraun. Amma daga lokacin da ka sa ta, turjiyar shigar da'irarka ta zama ita, ko opam cikakke ne ko ba cikakke ba, domin yanzu tushe yana da hanyar da zai zubar da karant. Idan ka sa 100 kΩ a gaban tushe mai 100 kΩ, rabin siginar ya tafi kafin ya isa opam, ninkin 10 ya koma 5. Idan 1 MΩ ce, 0.2 V ya zama kusan 0.182 V, mafita 1.82 V. A jarrabawa ma haka: idan ka ga rizisto daga ƙafar (+) zuwa giraun, kada ka rubuta marar iyaka, rubuta darajarta. Idan kuma a jere take da sigina, tsakanin tushe da ƙafar (+), ba ta canza ninki ko turjiyar shiga a cikakken opam, tunda babu karant a cikinta.

Wannan ɗan karant ɗin yana da wata illa ko babu kafasito. A misalinmu 80 nA yana ratsa 100 kΩ ta sensa, ya haifar da 8 mV na kuskure a ƙafa ta 3. Opam bai san bambancin wannan da sigina ba. Mabiyi zai fito da shi 8 mV, amfilifaya mai ninki 10 za ta fito da shi 80 mV. A kan 2.0 V wannan kashi 4 cikin ɗari ne. Shi ya sa ga tushe mai babbar turjiya ba na ba da shawarar 741. TL071 da 'yan'uwansa, masu mashigar JFET, karant ɗin shigarsu gomman pA ne a zafin ɗaki, wato ya gaza na 741 sau dubu ko fiye, kuma ƙafafunsa na shiga da fita da ciyarwa suna nan inda na 741 suke.

Idan ka bar cikakken opam ka ɗauki A mai iyaka, sai wani ɗan bambanci ya ɓullo tsakanin da'irorin biyu. Kira kason da ake mayarwa β:

```
β   = R1 / (R1 + R2)
Av  = A / (1 + A×β)
Rin ≈ Rid × (1 + A×β)
```

Rid ita ce turjiyar da ke tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3 a cikin aisin, a 741 wajen 2 MΩ, A kuma wajen 200,000 a boltej tsayayye. A da'irarmu β 0.1 ne, ninki ya fito 9.9995, Rin kuma 2 MΩ sau 20,001, kusan 40 GΩ. A mabiyi β 1 ne, Rin ya fito kusan 400 GΩ. Dalilin wannan kumburi shi ne ƙafa ta 2 tana bin ta 3 sau da ƙafa, boltej ɗin da ya rage a kan Rid ɗan mitsitsi ne, karant ɗin cikinta ma haka. Kenan a opam na gaske mabiyi ya fi, da gwargwadon ninkin da ɗayar ta ɗauka. Amma kada ka riƙi lambobin nan da zafi. Tun kafin a kai can, turjiyar da ke tsakanin kowace ƙafa da giraun a cikin aisin, da ƙura da laimar da ke kan allo, sun riga sun sa iyaka. Abin ɗauka a lissafin shi ne dalilin da ya sa zaton cikakken opam yake aiki: 9.9995 da 10 babu mitar ɗalibi da za ta raba su, kuma kuskuren rizisto mai kashi 5 cikin ɗari ya ninka wannan sau ɗaruruwa.

Inda bambancin yake cizo da gaske shi ne a saurin sigina. Ninkin A yana raguwa yayin da saurin kai-komon sigina yake hawa, kuma a 741 ninki sau faɗin zango yana wajen 1 MHz. Mabiyi yana aiki har kusan 1 MHz ga ƙaramin sigina, ninki 10 ya tsaya wajen 100 kHz, ninki 100 wajen 10 kHz, wanda bai ma rufe zangon sautin da kunne yake ji ba. A ɗaya gefen, mabiyi ne ya fi kowa kusa da kaɗawa, domin yana mayar da mafita ɗungurungum. 741 da TL071 an gina su su jure haka. Wasu ba a gina su ba: OP37 yana son ninki 5 ko fiye, NE5534 kuma 3 ko fiye idan ba a ƙara masa kafasiton daidaitawa ba. Sa ɗayansu a matsayin mabiyi, sai ya riƙa kaɗawa da kansa, mita ta nuna maka lamba marar kan gado, aisin ya ɗau ɗumi, sai osiloskof ne zai tona asirin. Doguwar kebul a mafitar mabiyi ma tana iya jawo haka, kuma rizisto ta om 50 zuwa 100 a jere da mafita, bayan mahaɗar da ta koma ƙafa ta 2, takan kwantar da shi.

Idan ka haɗa da'irar ba ta ba da abin da lissafi ya ce ba, fara da auna ƙafa ta 3 da ta 2, kowace zuwa giraun. Idan sun yi daidai da juna amma sun gaza boltej ɗin da kake zato daga tushe, opam yana aikinsa, wani abu ne yake jan tushen ƙasa, kuma mitarka ma tana ciki: 10 MΩ a kan tushe mai 100 kΩ tana cin kashi 1 cikin ɗari, za ka ga 0.198 V maimakon 0.2 V. Idan sun yi daidai da juna da kuma tushe, amma mafita ta saɓa, duba launukan R1 da R2, sau da yawa an musanya su ne, ninki ya koma 1 + 2/18, mafita 0.22 V. Idan kuwa ƙafafun biyu ba su yi daidai ba, mafita ta ƙure. Ka ba da'irarmu 1.5 V, lissafi ya ce 15 V, alhali ciyarwa 12 V ce kuma 741 ba ya kaiwa ko can, yakan tsaya bolt ɗaya ko biyu ƙasa da ita. Mafita za ta maƙale wajen 10.5 V, ƙafa ta 2 ta tsaya wajen 1.05 V, ta 3 kuma tana 1.5 V. Rage siginar zuwa 0.5 V, ka ga ko mafita ta sauko 5 V, ƙafafun biyu kuma sun sake haɗuwa.